Yadda za a yanka wa mai tallar kaya burin baɗi da tsarin SMART

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni manaja ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, muna ba masu shaguna taliya da man girki da sabulu. Akwai yaron da ke ƙarƙashina, shi ke riƙe da Kurna, Rijiyar Lemo zuwa Bachirawa. Bara ya yi cinikin naira miliyan 96, bana kusan miliyan 120, amma bashin da ke hannun kwastomominsa ya kai miliyan 6. An ba ni fom ɗin tantance aikin shekara, an ce in rubuta masa burin baɗi bisa tsarin SMART, maigida kuma ya ce kowa a ƙara masa kashi 30 cikin ɗari. Me zan rubuta wanda ba zan zalunce shi ba, kuma ba zan cuci kamfani ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka ɗora alƙalami a kan fom ɗin nan, ka nemi akanta ya fitar maka da lissafin yaron na shekara biyu a katan, ba a naira ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan lissafin ya tsaya, kuma ina kyautata zaton zai canza maka yadda kake kallon miliyan 120 ɗin.

Shi tsarin SMART ba sabon abu ba ne. Wani Ba'amurke mai suna George Doran ne ya fara rubuta shi a 1981, kuma haruffan biyar farkon kalmomi biyar ne na Turanci. A yadda ake amfani da shi yau, sharuɗɗan su ne: buri ya zama takamaimai, ya zama ana iya auna shi, ya zama mai yiwuwa, ya shafi abin da kamfani ke nema, sannan a sa masa wa'adi. Amfaninsa shi ne ya hana ka rubuta irin "ya ƙara ƙwazo" ko "ya kyautata hulɗa da kwastomomi", maganar da idan shekara ta zagayo kai ka ce bai yi ba, shi ya ce ya yi, babu mai raba ku. Amma tsarin ba ya gaya maka wane adadi ne daidai. "Ya sayar da kayan naira miliyan 156 kafin 31 ga Disamba" ya cika kusan duk sharuɗɗan a takarda, kuma duk da haka zai iya zama buri mara kyau.

Me ya sa naira za ta yaudare ka

Daga miliyan 96 zuwa 120 ƙarin kashi 25 ne cikin ɗari, duk wanda ya gani zai ce yaro ya yi aiki. To amma nawa ake sayar da katan bara, nawa ake sayarwa bana? Bari in sa farashi na misali, kai sai ka musanya da naku. A ce matsakaicin kuɗin katan bara naira 8,000 ne. Miliyan 96 ke nan katan 12,000. A ce bana katan ya koma 10,400. Miliyan 120 a wannan farashin katan 11,500 ne da 'yan kai. Kuɗin ciniki ya hau, amma kayan da suka fita daga sito ta hannunsa sun ragu da wajen katan ɗari biyar. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A irin wannan yanayi mai talla zai iya rasa kwastomomi, ya rage zirga-zirga, amma cinikinsa a naira ya yi ta hawa.

Haka nan abin yake idan ka juya shi zuwa baɗi. Kashi 30 a kan miliyan 120 shi ne miliyan 156. Idan kamfani ya ɗaga katan zuwa naira 12,000, katan 13,000 ya isa ya kai shi can. Idan farashi bai motsa ba, sai ya fitar da katan 15,000 kafin ya kai. Ka ga adadi ɗaya ne a takarda, amma nauyinsa a kan yaron ya dogara da shawarar farashi wadda ba shi ke yanke ta ba. Saboda haka tambayar farko da za ka koma wa maigida da ita, cikin ladabi, ita ce: Ranka ya daɗe, kashi 30 ɗin nan a naira ake nufi ko a katan, kuma a kan wane farashi?

Shawarata ita ce babban burin ya zama a katan. Idan kayanku sun bambanta sosai a daraja, kamar jarkar man girki da katan ɗin sabulu, kada ka haɗa su a ƙidaya ɗaya, domin yaro zai karkata ga mai sauƙin fita. Ko dai ka raba su gida biyu ko uku kowanne da adadinsa, ko ka rubuta burin a naira amma a kan farashin ranar 1 ga Janairu, a riƙa lissafa komai da shi har shekara ta ƙare ko da farashin kasuwa ya canza.

Daga ina ƙarin zai fito

Sharaɗin "mai yiwuwa" shi ne wanda aka fi tsallakewa, domin shi ke bukatar zama da lissafi. Hanyar da nake bi ita ce in ƙi karɓar kowane ƙari sai na ga shagon da zai fito daga ciki. Ga yadda ake yi, da alƙaluman misali.

A ce akwai shaguna 150 a littafinsa, amma 110 ne kawai ke ɗaukar kaya kowane wata. Katan 11,500 a shekara wajen 960 ne a wata, wato kowane shago mai motsi yana ɗaukar kusan katan tara. Ƙofofin ƙari uku ne. Ta farko sababbin shaguna. Idan ya buɗe 30 a shekara, kada ka lissafa su kamar tsofaffi. Sabon shago da kaɗan yake farawa, a ce katan biyar a wata, kuma ba duka za su shigo a Janairu ba, wani sai Oktoba. Idan ka ɗauki matsakaicin wata shida, 30 sau 5 sau 6 ya ba ka katan 900. Ta biyu shagunan nan 40 da suka yi sanyi. Wasu sun rufe, wasu bashi ne ya sa suke ɓuya, wasu wani dila ya ɗauke su. Idan ya farfaɗo da 15, kowanne katan shida na wata takwas, katan 720 ke nan. Ta uku, tsofaffin kwastomomi su ƙara ɗauka. Shago 100, kowanne ya ƙara katan ɗaya a duk wata biyu, katan 600.

Sai kuma abin da manajoji ba sa son rubutawa: asara. Ba shekarar da za ta wuce ba a rasa kwastoma ba, wani ya tashi, wani jari ya karye. A ce goma daga cikin 110 za su fita, a matsakaicin tsakiyar shekara, katan tara sau wata shida sau goma, 540 sun tafi. Idan ka tara 11,500 da 900 da 720 da 600, ka cire 540, za ka samu 13,180. Saboda haka katan 13,000 buri ne da za ka iya kare shi a gaban yaron da gaban maigida, ƙarin kashi 13 ke nan a kan kayan bana. Yana da nauyi, domin sai ƙofofin uku duka sun buɗe, amma kowa na iya ganin hanyarsa.

Ka kuma gwada shi da ƙafa. Idan yana zagaya shago 15 a rana, kwana biyar a mako, shago 75 ke nan, yana gama 150 a mako biyu. Idan littafin ya koma 170, sai ya riƙa taka 17 a rana kafin kowa ya gan shi sau biyu a wata. Wannan zai yiwu idan babur ɗinsa lafiya lau yake kuma ana biyan kuɗin mai a kan lokaci. Katan 15,000 kuwa, ragowar 2,000 ɗin ba za su fito daga wannan zagayen ba. Sai an ƙara masa unguwa, ko an ba shi keken ɗaukar kaya da mataimaki, ko an kawo sabon kaya. Idan maigida ya nace a kan 15,000, to ka kai masa wannan lissafin, ka ce ga abin da yankin zai bayar, ga abin da ake bukata a cike gibin. Ƙara wa kowa kashi ɗaya ba tare da duba yanki ba yana da wata illa kuma: wanda ya fi kowa ƙoƙari bana shi ke ɗaukar ƙari mafi nauyi, wanda ya yi kasala kuma ya samu sauƙi. Masu talla suna gane wannan da wuri, sai su fara ɓoye cinikin Disamba su tura shi Janairu.

Yadda za ka rubuta su a fom

Kada su wuce huɗu. Mai talla da aka jera wa buri tara zai zaɓi wanda ke kawo kamasho ya bar sauran. Na farko zai iya zama haka: "Ya sayar da katan 13,000 a yankin Kurna, Rijiyar Lemo da Bachirawa daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. Katan yana shiga lissafi ne idan an biya kuɗinsa kuma ba a dawo da shi cikin kwana 30 ba. Rahoton akanta na ƙarshen wata shi ne hujja."

Jimlolin nan biyu na ƙarshe sun fi adadin kansa muhimmanci a wurina. Idan ka ƙidaya kaya tun ranar da suka bar sito, yaro zai cika wa kwastomomi shago a makon ƙarshe na wata don ya kai adadi, sannan kayan su dawo a wata mai zuwa ko su zama bashi. Alamar wannan a bayyane take: ka duba cinikin kwanaki biyar na ƙarshen kowane wata, idan ya kai rabin cinikin watan, kuma makon farko na sabon wata shiru ne, to turi ake yi ba ciniki ba. Ambaton yanki shi ma da dalili. Idan ba ka rubuta ba, zai iya kwashe katan ɗari biyu ya sauke wa babban dila a Kasuwar Singa da ragi, ya cika adadinsa, kayan kuma su dawo su karya farashi a yankin abokin aikinsa.

Na biyu shi ne bashi, kuma a halin da ka bayyana ina ganin bai kamata a sa hannu a fom ɗin ba tare da shi ba. Miliyan 6 a kan cinikin miliyan 10 a wata ba lallai ne ya zama matsala ba, idan yawancinsa na mako ɗaya ko biyu ne. Abin dubawa shi ne shekarun bashin. Ka sa akanta ya raba shi: wanda bai kai kwana 30 ba, wanda ya wuce 30, wanda ya wuce 90. A ce miliyan 2.4 ne ya wuce kwana 30. Sai ka rubuta: "Bashin da ya wuce kwana 30 ya sauko daga naira miliyan 2.4 zuwa ƙasa da 900,000 kafin 30 ga Yuni, kuma kada ya sake haura haka a ƙarshen kowane wata har Disamba." Ka lura na sa shi a naira ba a kashi ba. Idan ka ce tsohon bashi ya sauko zuwa kashi 15 na jimillar bashi, hanya mafi sauƙi ta cika wannan ita ce a ba da sabon bashi mai yawa, sai kason tsohon ya ragu ba tare da an karɓo ko sisi ba. Sannan ka ware bashin da ba shi ya bayar ba. Idan akwai kwastoman da maigida da kansa ya ce a ba shi kaya, ko wanda ya gada daga wanda ya riƙe yankin kafin shi, a cire shi daga lissafi a rubuce tun yanzu.

Na uku sababbin shaguna: "Ya samo sababbin shaguna 30, aƙalla 18 kafin ƙarshen Yuni. Shago yana shiga lissafi idan ya ɗauki aƙalla katan uku a wata har wata uku a jere kuma ya biya." Ba tare da wannan ƙa'idar ba, za ka ga mai shago ɗaya ya zama kwastoma biyu, ɗaya da sunansa ɗaya da sunan ƙaninsa. Wannan ba zargin yaronka ba ne, halin buri ne idan aka matsa shi ba a tsare ma'aunin ba. Bankin Wells Fargo na Amurka ya sha tarar dala miliyan 185 a 2016 bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe asusu sama da miliyan biyu ba da sanin masu su ba, don kawai su cika adadin da aka ɗora musu.

Na huɗu ya zama na gyaran aikinsa shi kansa, abin da ke hannunsa ɗari bisa ɗari. Misali: ya miƙa rahoton zagaye kowace Asabar kafin azahar, da sunan shagon da ya je, abin da aka ɗauka da abin da aka biya, aƙalla mako 46 a shekara. Amfaninsa shi ne idan ciniki ya faɗi, za ka iya bambance ko ƙafa ce ta yi sanyi ko kasuwa.

Idan fom ɗinku yana da wurin maki, ka ba katan 50, bashi 25, sababbin shaguna 15, rahoto 10. Kuma kada ya zama ko duka ko babu. Wanda ya kawo katan 12,600 ya yi kusan kashi 97 na burin, bai kamata a haɗa shi da wanda ya kawo 9,000 ba. Ka sa matakai: ƙasa da kashi 85 bai kai ba, 85 zuwa 99 ya kusa, 100 zuwa 110 ya cika, sama da haka ya zarce, kowane mataki da ladansa.

Wa'adi ba 31 ga Disamba kaɗai ba ne

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a raba 13,000 gida goma sha biyu, a ce kowane wata 1,083. Kayan masarufi a Kano ba haka suke tafiya ba. Ciniki yana tashi gab da azumi da kuma kafin Sallah, yana kwanciya a tsakiyar damina lokacin da kuɗi ya tafi gona kuma lunguna suka cika da ruwa, sannan ya farfaɗo da kaka. Ka ɗauko lissafinsa na bana ka ga kason kowane wata uku. A ce ya yi katan 3,450, sai 2,760, sai 2,300, sai 2,990. Rabon baɗi zai iya zama 3,700, 3,100, 2,700 da 3,500. Na ɗan karkata nauyin zuwa ƙarshe da gangan, saboda sababbin shaguna sai a rabin shekara na biyu za su fara bayar da amfani sosai.

Ka tuna watan azumi yana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara. Na 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 a bayan tsakiyar Fabrairu. Masu shaguna kuma suna cika shago ne makonni kafin a ga wata. Saboda haka idan ka kwatanta Maris da Maris kai tsaye, za ka ga kamar yaro ya faɗi, alhali cinikin ya koma Fabrairu ne ko ƙarshen Janairu.

Zaman da za ku yi

Kada ka kira shi ka miƙa masa fom a cike. Ka ba shi lissafin katan da na bashi mako guda kafin zaman, ka ce ya zo da nasa hasashen: shago nawa yake ganin zai buɗe, su wa za su dawo, su wa yake tsoron rasawa. Shi ya san wane mai shago ne ya aurar da 'ya jarinsa ya girgiza, da layin da ake gina sababbin shaguna a Bachirawa. Yawanci zai kawo adadi ƙasa da naka, wannan ba laifi ba ne. Ku bi shagunan ɗaya bayan ɗaya, inda ya kawo dalili ka karɓa, inda babu dalili ka tsaya a kan naka.

A ƙasan fom ɗin ka rubuta abin da ke wuyan kamfani: kaya su kasance a sito, a kai wa kwastoma cikin kwana biyu da yin oda, kuɗin mai ya fito farkon mako. Sannan ka rubuta sharuɗɗan da za su sa a sake duba burin, misali idan babban kaya ya yanke a sito fiye da kwana 14 a jere, idan an rage ko an ƙara masa yanki, ko idan kamfani ya daina ba da kaya bashi. A irin wannan hali ana rage adadin gwargwadon kwanakin da abin ya shafa, a rubuta, ku biyun ku sa hannu a lokacin, ba sai Disamba ba da kowa zai dogara da abin da ya tuna.

Akwai abin da wannan tsarin ba zai kama ba. Amana, da yadda yake magana da dattijon mai shago, da ko yana taimakon sabon ma'aikaci, ba sa shiga katan. Kada ka ƙirƙira musu lambobi don su yi kama da SMART. Doran da kansa ya ce ba dole ne kowane buri ya cika sharuɗɗan biyar ba. Ka rubuta waɗannan a wurin sharhin manaja, da misalin abin da ka gani da ranar da ya faru.

Ku sa ranakun zama huɗu a fom ɗin tun yanzu, makon farko na Afrilu, Yuli, Oktoba da Janairu, kowanne minti talatin da rahoton akanta a gabanku. Idan a Afrilu ya kawo 3,300 maimakon 3,700, ka fara da rahoton zagayensa. In yana taka shago 17 a rana amma oda ta ragu, matsalar farashi ce ko wani dila ya shigo yankin, kuma wannan aikinka ne ka kai sama. In kuwa zagayen ya koma shago 10 a rana, to maganar tsakaninka da shi ce, kuma saura wata tara a gyara.